Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin masu sayar da abinci na zangunan Hausawa a Legas: sharar Alhamis kaɗai ba ta korar ƙuda

Assalamu alaikum, iyayenmu shugabannin masu tuwo-tuwo, masu tsire da balangu, masu shayi da masu fura, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Obalende da sauran wuraren da 'yan uwanmu ke neman abinci a Legas. Ranku ya daɗe.

Mu 'ya'yanku ne masu aikin duba-gari da kiwon lafiyar muhalli. Mun rubuto ne a kan ƙuda, kuma roƙonmu guda ne: a daina yaƙarsa a kan tebur kawai, a koma bayan rumfa inda ake haifarsa, a kuma dinga yi masa lissafi da kwanaki. Kasuwannin Legas suna da sharar safiyar Alhamis, abu ne mai kyau, amma rayuwar ƙuda ta fi mako sauri. Wannan ne dalilin da ya sa ake share kasuwa tas ranar Alhamis, kafin Litinin ƙudaje sun dawo kamar ba a taɓa sa tsintsiya ba.

Bari mu fara da abin da yake yi idan ya sauka a kan abinci, domin mutane da yawa sun ɗauka ƙazantar tana ƙafarsa ce kawai. Ƙudan gida ba shi da haƙori, ba ya iya cin abu mai tauri. Bakinsa kamar soso yake, tsotsa kaɗai ya iya. Idan ya sauka a kan malmalar tuwo ko yankan nama ko sukarin mai shayi, sai ya fara amayo ruwan cikinsa a kai domin ya narkar da wurin, sannan ya tsotse. Ruwan da ya amayo daga abincinsa na baya ya fito, wanda mai yiwuwa bakin masai ne ko kayan cikin da aka zubar a mayanka. Yana cikin ci kuma yana kashi, sau da yawa a rana. Sai kuma ƙafafunsa shida da ke cike da gashi, da wani danƙo a tafinsu wanda shi ke sa ya iya tafiya a jikin gilashi, shi ne kuma ke kwaso ƙazanta. Hanya uku ke nan: amai, kashi, da jiki.

Duk mai son ganin shaida ya ɗaga kai ya dubi igiyar da aka rataye ƙwan lantarki a rumfarsa, ko gefen kwanon rufi. Ɗige-ɗigen da ke wurin iri biyu ne. Masu duhu kashinsa ne, masu haske-haske amansa ne. Abin da ke jikin igiyar nan shi ne ke kan abincin da aka bari a buɗe, sai dai miya tana ɓoye shi.

Cututtukan da yake ɗauko wa ta wannan hanya su ne na ciki: gudawa, atuni, taifot, da kwalara. A faɗi gaskiya, kwalara irin wadda ta ɓarke a Legas a watan Yuni na 2024 babbar hanyarta gurɓataccen ruwa ce da hannun da ba a wanke ba, ƙuda mataimaki ne kawai. Amma a atuni rawarsa babba ce, domin ƙwayar cutar atuni ba ta bukatar yawa. Guda goma zuwa ɗari sun isa su kwantar da mutum, kuma wannan bai fi ƙarfin ƙuda ɗaya ba.

Sauran ƙwayoyin da ke bukatar yawa kuwa, abincin ne ke rainon su. A irin ɗumin Legas, ƙwayar cuta a cikin dafaffiyar shinkafa ko miya mai nama tana iya ninka kanta duk bayan kamar minti 20. A ce ƙuda ya bar guda 100 a kan shinkafar da ta huce da ƙarfe 12 na rana. Zuwa ƙarfe 1 sun zama 800. Zuwa ƙarfe 2, sun haura 6,000. Zuwa ƙarfe 4, lokacin da 'yan dako suka taso daga aiki da yunwa, sun wuce 400,000. Shinkafar ba ta yi wari ba, ba ta yi yauƙi ba, mai saye ba zai ga komai ba. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye bayan ya huce, a riƙe shi da zafi sama da digiri 60. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya duba tururi: idan ka buɗe tukunya ko kula ba ka ga tururi na tashi ba, kuma kana iya dafa gefen tukunyar ka bar hannunka, abincin ya shiga hatsari. A mayar da shi wuta har ya tafasa ko ya ɗau zafi ciki da bai, ba ɗumamawa ta sama-sama ba. Ƙuda ma ba ya sauka a kan abin da ke tururi.

Yanzu ga zancen kwanaki, wanda shi ne dalilin wasiƙar.

Macen ƙuda tana neman wuri mai damshi da ɗumi da ruɓa ta saka ƙwai, wajen 100 a zama ɗaya, kuma tana iya yin haka har sau biyar ko shida a rayuwarta ta mako biyu zuwa huɗu. Ƙwan farare ne ƙanana, a cure wuri guda. A zafi irin namu ba sa kai kwana ɗaya cikakke suke ƙyanƙyashewa su zama tsutsa. Tsutsar tana ci tana girma kwana 3 zuwa 5. Daga nan sai ta yi abin da yawancin mutane ba su sani ba: ta bar sharar. Takan rarrafo waje ta nemi busasshen wuri, ƙasar da ke ƙarƙashin durom, ko tsagar siminti, ko ƙasan buhu, ta dunƙule ta zama wani ƙwanso ja-ja mai kama da ƙwayar shinkafa. A ciki take yin wasu kwanaki 3 zuwa 6, sai ƙuda ya fasa ya fito. Daga ƙwai zuwa mai fiffike, mako ɗaya zuwa kwana goma.

A ɗauki misalin rumfar tuwo ɗaya a gefen kasuwar Mile 12, mai durom ɗaya na shara a bayanta, marar murfi, a kan ƙasa. An kwashe shi ranar Alhamis da safe. Da yammacin ranar an zuba ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatir, ƙayar kifi, da ragowar tuwon da aka kankaro daga kwanuka. Juma'a da hantsi ƙudaje mata goma kacal suka sauka suka saka ƙwai, kimanin 1,000 ke nan. Asabar duk sun zama tsutsa, suna can ƙasa inda sabuwar shara ta rufe su, babu mai ganinsu. Talata zuwa Laraba sun ƙoshi, sun fito cikin dare ta bakin durom ko ta hujin da tsatsa ta yi a gindinsa, sun shige ƙasa. Alhamis motar shara ta zo, an kwashe komai, an share wuri, shugaban tsafta ya zagayo ya ce madalla. Amma abin da aka kwashe ɗin gidan da aka riga aka tashi ne. Masu gidan suna ƙarƙashin ƙasa, zurfin ɗan yatsa, kuma daga Asabar zuwa Litinin za su fara fitowa. Bayan 'yan kwanaki matan cikinsu su ma su fara saka nasu ƙwan. Ko da rabinsu sun mutu a hanya, durom ɗaya ya ba layin rumfuna ɗaruruwan ƙudaje a mako.

Duk wanda ke shakka ya gwada. A janye durom daga inda yake, a tona ƙasar wurin da bakin wuƙa ko tsinke. Jajayen ƙwansunan da za a gani, waɗanda bakinsu ya fashe sun riga sun tashi, masu rufe kuma na nan tafe.

Maganin a bayyane yake idan an fahimci lissafin: jiƙaƙƙiyar shara kada ta kai kwana 3 a wuri ɗaya. Mafi kyau ta bar rumfa kowace rana. Idan ba zai yiwu ba, a ƙalla sau biyu a mako, misali Litinin da Alhamis, domin a kama tsutsar tana ciki kafin ta fita. Wannan ba aikin mai rumfa ɗaya ba ne, shi ya sa muka kawo kuka gare ku. Ƙuda yana iya tafiyar kilomita ɗaya ko biyu, amma yawancinsu ba sa nisa da inda aka haife su idan akwai abinci. Mutum ɗaya da ya bar duromsa a buɗe ya isa ya lalata wahalar mutum ashirin. Ku ne za ku iya zama da hukumar kwasar shara ta Legas, wato LAWMA, ko kamfanin kwasar sharar da ke kula da layinku a matsayin ƙungiya, ku nemi a ƙara rana ta biyu, ku raba kuɗin a kan rumfuna. Bakin ƙungiya ya fi na mutum ɗaya nauyi a irin wannan ofis.

Kafin mota ta zo kuwa, yadda ake ajiye sharar shi ne komai. A raba jiƙaƙƙiya da busasshiya. Kwali da leda da gwangwani ba sa haifar da ƙuda sai idan sun jiƙe da abinci. Jiƙaƙƙiyar, wato ragowar abinci, kayan miya da suka ruɓe, hanjin kifi da fatar nama, a tsane ruwanta a kwando tukuna, a zuba a bokitin roba mai murfi da ke kamawa, an shimfiɗa leda mai kauri a ciki. Bokiti mai lita 20 zuwa 25 ya ishi ƙaramar rumfa, kuma ƙanƙantarsa alheri ce, domin dole a fitar da shi kullum. Da an tashi aiki a ɗaure bakin ledar tam. Bokitin ya zauna a kan siminti ko bulo, ba a kan ƙasa ba, don tsutsa ta rasa mafaka.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bayan an juye sharar. Ɗan dattin nan mai danƙo da ke maƙale a gindin bokiti, ko kaurinsa bai fi na ƙumba ba, ya isa ya raini tsutsa. A wanke shi da ruwa da omo da burushi, a kife a rana ya bushe. Wanda ke da ruwan zafin da ya rage a tukunya ya kwarara a ciki, yana kashe ƙwai da tsutsa nan take. Tokar murhu ma tana da amfani: a barbaɗa a gindin bokiti da ƙasar da ke kewaye, tana busar da wurin.

Sai ruwan wanke-wanke. A rumfuna da yawa ana watsa shi a wuri ɗaya a bayan rumfa, da guntayen shinkafa da maiƙo a ciki. A hankali ƙasar wurin ta zama baƙar laka mai tsami. Ƙudan gida ba ya haihuwa a cikin ruwa tsundum kamar sauro, amma wannan laka, da dattin da ya taru a gefen kwata bai nutse ba, gidansa ne na gaske. Haka ma ƙazantar da ake yasowa daga kwata ranar Alhamis a jibge a bakin hanya ana jiran mota. Idan ta kwana uku a wurin, an fito masa da ita ne daga inda ba zai iya amfani da ita ba zuwa inda zai iya. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma ruwan Satumba da Oktoba, abin ya fi muni domin babu abin da ke bushewa. A tace ruwan wanke-wanke da rariya ko tsohon kwando kafin a zubar, abin da ya tsaya ya shiga bokiti mai murfi, ruwan kuma a zuba shi cikin kwatar da ke gudu.

Idan an gyara baya, sai a dawo kan tebur. Rufe abinci kowa ya sani, amma akwai rufin da bai hana komai ba. Yadin raga da aka yafa kai tsaye a kan nama ko ƙosai ba kariya ba ce: ƙuda zai tsaya a kan ragar, bakinsa ya kai ga abincin ta huda, kashinsa ya ɗiga. Dole a sami tazara, a ƙalla faɗin yatsu uku tsakanin raga da abinci, kuma saman ya zama katako ko gilashi ko murfi, raga ta tsaya a gefe. Wayar taga irin ta sauro ta isa, hudarta ta yi wa ƙuda ƙanƙanta. Amma kada a yanko gidan sauron da ake rabawa a asibiti a rufe abinci da shi, akwai maganin ƙwari a jikin zarensa. Akwatin gilashi na masu soyayyen nama da kifi yana da kyau idan ƙofarsa tana rufuwa da kanta. A sa mata sifirin ko igiyar roba. Wanda ake barin ƙofarsa a buɗe ana ciniki ya zama keji, ƙudan da ya shiga ba ya gane hanyar fita, sai ya wuni a kan naman.

Masu tsire da balangu, matsalarku ta ɗan bambanta. Koren ƙudan nan mai sheƙi da ke bin nama, wanda ya yi yawa a wajen mayankar Oko-Oba, a kan ɗanyen naman kansa yake saka ƙwai, a cikin tsaga da lungun ƙashi. Wuta tana kashe abin da ke kan naman da za a gasa. Hatsarin yana bayan gashi: naman da ya sauka daga tukuba ya huce a gefe, da albasa da tumatir da kabejin da aka yanka tun la'asar suna buɗe, waɗanda ba za su ga wuta ba. A yanka su kaɗan-kaɗan, a ajiye a roba mai murfi, kuma katakon yankan ɗanyen nama daban, na gasasshe daban. Masu shayi kuma su lura da bakin gwangwanin madara da cokalin sukari, nan ne mazauninsa. Masu fura, faifai a kan ƙwarya, ludayi kuma a ciki ko a rufe, ba a kwance a kan faifan ba.

Tsumman goge tebur ya cancanci maganarsa. Tsumma ɗaya da ke goge miya tun safe, shi kansa abincin ƙuda ne, kuma duk inda ya bi yana shafa ƙazanta ne. A tanadi uku ko huɗu ana sauyawa. A fara goge maiƙo da ruwan sabulu, sannan a bi da ruwan bilic. Idan bilic ɗin mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari ne, kamar yadda ake rubutawa a jikin robar, cokalin cin abinci 4 a ruwa lita 10 ya isa ga tebur da tire. A bar shi ya yi minti biyu ya bushe da kansa. A haɗa sabo kowace safiya domin ƙarfinsa na gushewa, kuma kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki. Idan aka zuba shi a kan maiƙo ba tare da an wanke ba, dattin ne ke cinye ƙarfinsa.

Fanka mai caji da ke hura iska a kan teburin abinci tana aiki ƙwarai, domin ƙuda ba ya iya sauka cikin iska mai ƙarfi. A dai duba kada ta kwaso ƙura daga hanya.

Tarko kuma abu ne mai arha. A sami robar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a yanke kashi ɗaya cikin uku na sama, a cire murfin, a juya shi ya shiga cikin na ƙasa kamar mazurari, a ɗaure da salatif. A zuba ruwa tsayin yatsu uku, da cokali biyu na sukari, da ɗan hanjin kifi, da ɗigon sabulun ruwa don wanda ya faɗa ya nutse. Bakin mazurarin kada ya taɓa ruwan. Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu: zai bi wari ya shiga, ya kasa gano ƙaramar ƙofar. Kuskure biyu ake yi da shi. Na farko, ajiye shi kusa da abinci, alhali aikinsa kira ne. A rataye shi taku goma ko fiye daga tebur, ta ɓangaren shara, inda iska ke ɗauke warin daga rumfa. Na biyu, mantawa da shi. Bayan kwana 3 ko 4 a zuba masa tafasasshen ruwa a juye, in ba haka ba shi ma ya zama wurin haihuwa. Takardar danƙo ta kama ƙuda a rataye ta a kusurwa inda suke kwana, ba a saman tukunya ba.

Abin da muke roƙon ku hana da babbar murya shi ne fiya-fiya da sauran magungunan feshi a wurin abinci. Ana shafa shi a ƙafar tebur, ana yayyafa shi kusa da kifi da nama, wasu ma da rana tsaka ana ciniki. Guba ce da ke tashi a iska ta sauka a kan abinci, ta kuma shiga ta fata da numfashi. Alamar ta taɓa mutum ita ce dalalar miyau, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi, kuma wannan na asibiti ne nan take, ba na madara ko manja ba. Ban da haɗarin, ba ta ma biya bukata. Tana kashe manyan da ke wurin a lokacin, ba ta kai ga ƙwansunan da ke cikin ƙasa, kuma ƙudaje suna saurin sabawa da maganin da aka yawaita fesa musu, jikokin waɗanda suka tsira su daina jin sa.

Akwai kuma masai. Yawancin ƙwayoyin cutar da muka lissafa daga bayan gidan ɗan Adam suke fitowa. Idan ramin masan kasuwa ba shi da murfi, ko ana jefa kashi a leda a bayan shaguna, ko ana barin na yara a fili, to can ƙuda ke karya kumallo kafin ya zo teburinku. Murfin katako mai mariƙi a bakin rami, da buta da sabulu a ƙofa, ba su fi ƙarfin asusun ƙungiya ba.

Domin ku san ko aikin yana ci, ba sai da na'ura ba. A manna farin kati mai girman tafin hannu a ƙarƙashin rufin rumfuna biyar, nesa da hayaƙi, a rubuta kwanan wata a bayansa. Bayan kwana 7 a cire a ƙirga ɗige-ɗigen, a sa sabo a daidai wurin. Kada a yanke hukunci a makon farko, domin waɗanda ke cikin ƙasa za su ci gaba da fitowa, manyan kuma ba su gama kwanakinsu ba. A mako na uku zuwa na huɗu ne ya kamata a ga adadin ya faɗi sosai. Idan bai faɗi a wata rumfa ba, akwai wurin haihuwa kusa da ita da ba a gano ba: a duba ƙarƙashin buhunan kayan miya, bayan firji, kejin kaji, da inda ake ɗaure raguna.

Muna roƙon a zaman ƙungiya na gaba ku tsayar da ranar kwasar shara ta biyu, ku sa bokiti mai murfi cikin sharuɗɗan riƙe rumfa, ku kuma naɗa mutum ɗaya a kowane layi da zai zagaya ranar Litinin, ya janye bokitai ya duba ƙarƙashinsu.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Wassalam.

Daga 'ya'yanku ma'aikatan duba-gari da lafiyar muhalli mazauna Legas.